Ni na yi wahalar binciken, malamina na son sunansa a gaba

Assalamu alaikum Hajiya Likita. Ni likita ce a sashen mata da haihuwa na wani asibiti a nan Kano, bara na ci jarrabawar ƙarshe ta ƙwarewa. Binciken da na yi don jarrabawar, kwatanta wata ƙaramar na'urar auna jini ta hannu ne da babban injin ɗakin gwaje-gwaje, a kan mata masu ciki 320 da ke zuwa awo. Wata goma sha huɗu ina kai. Ni na kawo tunanin, malamina ya gyara tsarin ya kuma duba kowane babi. Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne ya auna dukkan jinin da hannunsa, wani lokaci har bayan magariba. Na'urar da tsinkayen gwajinta kuma wani kamfani ne ya ba mu kyauta ta hannun malamina, kamfanin da shekara biyu da suka wuce ya biya masa kuɗin zuwa taro a Legas, ya kuma biya shi ladan lacca.

Yanzu na mayar da aikin maƙala za mu tura mujalla. Malamina ya dawo mini da ita ya sa sunansa a farko, nawa na biyu, ya ƙara sunan shugaban sashe wanda ko shafi ɗaya bai karanta ba, ya mayar da ma'aikacin ɗakin gwaji sashen godiya. A wurin bayyana alaƙa da kamfani kuma ya rubuta babu. Ya ce haka aka saba, kuma yana neman ƙarin girma. Mutumin nan ya riƙe ni kamar 'yarsa, ga shi ina neman gurbin aiki a sashen nan. Na kasa barci. In yi shiru in sa hannu, ko in yi magana?

Ƙanwarki, daga cikin birnin Kano.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a wannan nasara da kika samu, ya sa ki amfani al'umma da ita. Rashin barcin nan naki ban ɗauke shi rauni ba. Mutum biyu ne ke ja-in-ja a zuciyarki, ɗalibar da ta san alherin malaminta da likitar da ta san nauyin sa hannu, kuma kowaccensu tana da gaskiyarta.

Abin da ya sa lamarin ya yi miki nauyi shi ne kin ɗaure shi a ƙulli ɗaya, alhali haƙƙoƙi ne daban-daban, kuma ba duka ne naki ba. Matsayin sunanki haƙƙinki ne, kina iya nemansa, kina iya yafewa. Sunan ma'aikacin ɗakin gwaji haƙƙinsa ne, ba ki da ikon yafe shi a madadinsa. Maganar kamfani kuwa haƙƙin mai karatu ne da matan da za a auna da wannan na'ura gobe, babu wanda ke cikinku da zai iya yafe shi, ko ke ko malaminki. Idan kika riƙe wannan bambanci za ki san inda za ki sassauta da inda za ki tsaya.

Bari mu fara da wanda ya cancanci sunansa ya hau saman maƙala, domin kafin a yi maganar jeri sai an san su wa ke cikin sahu. Mujallun likitanci da yawa, har da namu na gida, suna bin ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wato ICMJE, wanda ya samo asali daga wani zama da editoci suka yi a Vancouver a 1978. Sharuɗɗa huɗu suka gindaya, kuma sai mutum ya cika su duka. Ya zama ya ba da gudummawa mai nauyi wajen ƙirƙiro binciken ko tsara shi, ko wajen tattara bayanai, ko tantance su, ko fassara ma'anarsu. Ya zama ya rubuta maƙalar ko ya yi mata bita ta ilimi, ba gyaran waƙafi da aya kawai ba. Ya amince da kwafin ƙarshe da za a buga. Sannan ya yarda zai amsa tambaya a kan aikin idan wani ya yi shakkar ingancinsa. Wannan na huɗun a 2013 aka ƙara shi, kuma a ganina shi ne ya fi bayyana ma'anar abin. Suna a kan maƙala shaida ce mutum yake bayarwa cewa na san abin da ke ciki, ku tambaye ni.

Ki auna ma'aikacin ɗakin gwajin da wannan ma'auni. Mutumin da ya auna jini 320 a injin da kuka ɗauka a matsayin mizani, shi ya samar da rabin bayanan bincikenki. Idan mai bita, wato masanin da mujalla za ta ba maƙalar ya duba, ya tambaya sau nawa aka daidaita injin, ko awa nawa jini ke yi kafin a auna shi, ko me aka yi da jinin da ya daskare a kwalba, ba ke za ki amsa ba, ba malaminki ba. Shi ne. Sharaɗin farko ya cika shi. Na san za a ce ai bai rubuta komai ba, to amma ICMJE ta toshe wannan ƙofar: ta ce duk wanda ya cika sharaɗin farko ya kamata a ba shi damar shiga rubutu da bita da amincewa, kuma ba a kafa sharuɗɗan don a hana abokin aiki dama sannan a ce bai cancanta ba. Don haka matakin farko da za ki ɗauka, tun kafin ki je wurin malaminki, shi ne ki kai masa maƙalar. Ki roƙe shi ya rubuta sakin layin da ya shafi yadda aka auna jinin da yadda aka kula da ingancin awon, ya karanta sauran ya faɗi ra'ayinsa a rubuce. Idan ya yi, ya zama marubuci da cikakken haƙƙi. Idan ya ce shi ba ya so, ba shi da lokaci, to a lokacin ne godiya ta zama wurinsa, kuma da zaɓinsa.

Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, ƙanwata, domin na sha ganinsa. Ma'aikatan ɗakin gwaji da ungozomomi da nas-nas su yi ta fama, ranar bugawa sai a ga sunayen likitoci kaɗai sun jeru. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Su ma suna neman ƙarin girma, su ma ana tambayarsu abin da suka wallafa.

Shugaban sashe kuma, kada ki yanke masa hukunci tukuna, domin mai yiwuwa bai ma san an sa shi ba. Sau da yawa na ƙasa ne ke sa sunan babba don girmamawa ko don kada a ce an raina shi. Amma ƙa'idar ta ambaci irin matsayinsa ƙarara: shugabantar rukunin masu bincike gaba ɗaya, ko samo kuɗi, ko taimakon gudanarwa, ko gyaran harshe, babu ɗaya a cikinsu da shi kaɗai ke mayar da mutum marubuci. Wurin waɗannan shi ne godiya.

Kuma kyautar suna ba alheri ba ce ga wanda aka yi wa. A fanninki ma aka ga misalin da ya fi kowanne. A 1994 mujallar British Journal of Obstetrics and Gynaecology ta buga rahoton wani likita a asibitin St George's da ke Landan, Malcolm Pearce, wanda ya ce ya ɗauke cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya dasa shi a cikinta, har matar ta haihu lafiya. Da aka bincika ba a sami wannan matar ba, labarin ƙirƙira ne, kuma a 1995 aka soke sunan Pearce daga rajistar likitoci. A cikin marubutan rahoton akwai shugaban sashensa, Farfesa Geoffrey Chamberlain, wanda a lokacin shi ne editan mujallar kuma shugaban kwalejin likitocin mata ta Birtaniya. Bai ƙirƙiri komai ba, sunansa kawai ya bari aka sa a kan aikin da bai sani ba. Duk da haka sai da ya sauka daga muƙaman biyu. Ba ina nufin aikinki da matsala ba ne. Ina nufin wanda bai ga bayanai ba, idan aka sa sunansa, an ɗora masa shaidar abin da bai gani ba.

Hanya biyu ce mai tsabta game da shi. Ko a gode masa da suna a sashen godiya, a faɗi ainihin abin da ya yi, misali ya ba da izinin amfani da asibitin awo ya kuma sauƙaƙa jadawalin aikinki. Ko kuma, idan yana da sha'awa da lokaci, a ba shi teburan sakamako ya zauna da su, ya ba da fassara mai nauyi, ya yi bitar gaske, ya amince. Idan ya yi haka ya shigo ta ƙofa. Abin da bai halatta ba shi ne a aika masa da takarda ya sa hannu a tsaye a bakin mota. Ki kuma sani cewa godiya ma ba a yin ta kai tsaye: mujallu da yawa suna neman izinin wanda aka ambata a rubuce, saboda mai karatu na iya ɗaukar ambaton sunansa a matsayin ya goyi bayan sakamakon. Saƙon imel gajere ya wadatar, ki ajiye shi. Haka za ki yi da ungozomomin da suka taya ki kiran mata da ɗaukar jini, kada a manta da su.

To, sai jerin sunaye, inda na san nan ne zuciyarki ta fi zafi. A nan sai in gaya miki gaskiya: ICMJE ba ta tsara wa kowa jeri ba. Ta bar wa marubuta su yanke tare, kuma ta ce ba aikin edita ba ne ya raba gardama. Abin da ke akwai al'ada ce mai ƙarfi a binciken likitanci, wadda duk mai karanta mujalla ya san ta. Na farko shi ne wanda ya ɗauki mafi yawan aikin kuma ya rubuta daftarin farko. Na ƙarshe shi ne babban da ya jagoranci aikin ya tsaya masa. Na tsakiya ana jera su gwargwadon gudummawa. A maƙalar da ta fito daga kundin jarrabawar ɗalibi, ɗalibin ne ke zuwa farko, mai duba shi ya zo ƙarshe. Kuma matsayin farko yana da tasirin da ya wuce alfahari: duk wanda zai ambaci aikin a cikin rubutunsa, sunan farko zai kira ya ce da sauransu. Shekara goma nan gaba, da sunan wanda ke gaba za a san binciken.

Ki yi wa malaminki adalci a nan. Gyara tsarin bincike da bin kowane babi ba ƙaramin aiki ba ne, marubuci ne na haƙiƙa, babu mai ja. Matsin da yake ciki ma gaskiya ne, domin kwamitocin ƙarin girma kan bambanta maki tsakanin wanda ke gaba da sauran, kuma shi ma wataƙila haka aka yi masa yana ƙarami har ya ɗauka haka abin yake. Don haka kada ki je masa hannu rabbana. Ki nemi kundin ƙa'idojin ƙarin girma na inda yake, ki karanta abin da ya ce game da marubucin ƙarshe da kuma marubucin da ke hulɗa da mujalla. Wannan na biyun matsayi ne mai daraja: shi ke tura maƙala, shi ke amsa wa masu bita, adireshinsa ake bugawa, shi ake nema bayan an buga. Ki miƙa masa duka biyun, ƙarshe da hulɗa da mujalla. Babban likita da sunansa ke ƙarshen aikin ɗalibarsa, masana suna karanta shi a matsayin mai renon na baya, kuma wannan ba ƙaramar shaida ba ce ga mai neman kujerar farfesa.

Akwai mujallun da ke yarda a sa wa sunaye biyu alamar tauraro a rubuta cewa gudummawarsu daidai take. Mafita ce idan gaskiya ce, amma a lamarinki ban ga daidaito ba, kuma ko an yi, suna ɗaya ne dai zai riga ɗaya. Abin da zan fi ba ki shawara shi ne ki duba ko bayananki za su haifi maƙala ta biyu mai tambaya daban, misali yawan ƙarancin jini a tsakanin matan da abubuwan da ke tafiya da shi. Idan tambaya ce mai zaman kanta, ba yanka aiki ɗaya gida biyu don yawan lissafi ba, malaminki na iya jagorantar ta, ya rubuta daftarin da kansa, ya zo farko da haƙƙinsa.

Yanzu ga abin da ba na so ki sassauta a kansa ko kaɗan. Mutanenmu da yawa suna jin kalmar bayyana alaƙa kamar tuhuma ce, kamar ana cewa ka ci hanci. Ba haka ba ne. Karɓar na'ura kyauta ba laifi ba ne, a yanayin da muke ciki bincike da yawa ba zai yiwu ba sai da irin wannan taimako. Zuwa taro da kuɗin kamfani ma ba laifi ba ne. Ɓoyewar ce laifi. Kuma ba a tambayar marubuci ko yana jin alaƙar ta karkatar da shi, domin babu wanda ke jin karkatar kansa. Ana tambayarsa ko alaƙar tana nan, sai mai karatu ya auna da kansa.

Ki sauke fom ɗin da ake kira ICMJE Disclosure Form daga shafin kwamitin, ki buɗe shi a gabanki. Layi goma sha uku ne, kuma kowane marubuci nasa yake cikawa, ba a cika wa mutum. Layi na 1 yana tambayar duk wani tallafi da wannan aikin ya samu, ya ambaci kuɗi da kayan bincike, kuma ba shi da iyakar lokaci. Nan na'urarku da tsinkayenta za su shiga, a fom ɗinki da nasa, domin aikinku ne ya amfana. Sauran layukan suna tambayar wata 36 da suka wuce. Layi na 5 ladan lacca ne, layi na 7 kuma tallafin halartar taro da tafiya. Shekara biyu wata 24 ne, don haka Legas da laccar duk suna cikin wa'adin. Ba sai an yi dogon tawili ba, fom ɗin da kansa ya kira su da sunansu.

Ga dalilin da ya sa wannan ya fi nauyi a irin bincikenki musamman. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar himogulobin, wato sinadarin da ake aunawa a jini, da ya gaza giram 11 a kowace desilita a matsayin ƙarancin jini ga mai ciki a watanni ukun farko da ukun ƙarshe na cikin. A ce na'urar hannu tana ƙara rabin giram a kan abin da babban inji ya nuna. Matar da jininta yake 10.6 za ta fito 11.1, a ce mata lafiya lau, ta koma gida ba a ƙara bincika ta ba. Marubuci ɗaya zai dubi wannan rabin giram ya rubuta cewa na'urar ta yi daidai da inji gwargwadon da ake buƙata. Wani zai dubi lambar nan ɗaya ya rubuta cewa tana iya ɓoye masu ƙarancin jini da ke bakin iyaka. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, zaɓin kalma ne, kuma a irin wannan zaɓin ne alherin da aka yi wa mutum ke shiga ba tare da ya sani ba. Jami'in da zai sayi na'urar nan don asibitocin karkara yana da haƙƙin sanin wanda ya ba da ita kafin ya yarda da kalmar da kuka zaɓa. Mu a Kano kuma ba mu da uzurin wasa da wannan. Tun gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 da shari'o'in da suka biyo baya, mutanenmu ke ɗar-ɗar da duk binciken da kamfani ke bayansa. Matan nan 320 sun miƙa miki yatsa ne saboda sun yarda da ke.

Na taɓa yi wa wata mujalla bitar maƙala makamanciyar taki. A sashen godiya marubutan sun gode wa wani kamfani da ya ba su kayan gwaji, layi uku a ƙasa kuma sun rubuta ba su da wata alaƙa. Na ja layi a ƙarƙashin jimlolin biyu da jan biro na tura wa edita. Daga wannan lokacin na koma farkon maƙalar na sake karanta kowane tebur da wani ido daban, ina tambayar kaina me kuma ba su faɗa ba. Da sun rubuta shi a inda ya dace tun farko, da na wuce shi cikin daƙiƙa biyar. Idan kuma bayan bugawa aka gano, mujalla kan buga gyara da sunayenku a kai, kuma ƙa'idojin COPE, ƙungiyar da ke ba editoci jagoranci kan ɗa'ar wallafa tun 1997, sun ba edita damar janye maƙala gaba ɗaya idan ya ga alaƙar da aka ɓoye babba ce kuma ta shafi fassarar sakamakon. Gano irin naku ba wuya: sunan na'urar yana cikin maƙala, sunan malaminki kuma yana cikin jadawalin taron Legas.

Abin da za a rubuta bai wuce jimla uku ba. Kamfani kaza ya ba da na'ura da tsinkayen gwaji kyauta. Marubuci wane ya karɓi ladan lacca da tallafin tafiya daga kamfanin. Kamfanin bai sa hannu a tsara binciken ko tantance bayanai ko rubutu ko shawarar bugawa ba. Amma kafin ki rubuta ta ukun ki tabbatar gaskiya ce. Ki tambayi malaminki ko akwai wata wasiƙa ko yarjejeniya da aka yi lokacin karɓar kayan, ko an yi alkawarin nuna musu sakamako kafin bugawa, ko sun taɓa ganin daftarin. Idan sun gani, a faɗa. Ki kuma duba takardar da kika kai wa kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku, ki ga ko kin ambaci kyautar. Idan ba ki ambata ba, ki rubuta musu gajeriyar wasiƙa yanzu su sa a fayil. Wannan gyaran naki ne, kuma fara gyara da kanki zai sauƙaƙa miki magana da shi.

Yadda za ki shiga wurinsa yana da muhimmanci kamar abin da za ki faɗa. Kada ki yi ta waya ko ta saƙo, kada ki yi a zagayen marasa lafiya, kada ki yi gaban ƙananan likitoci. Ki nemi ya ba ki lokaci a ofishinsa bayan an tashi daga asibitin awo, sa'ad da hayaniya ta lafa. Ki riƙe takardu biyu kawai: umarnin mujallar ga marubuta, kin ja layi a wuraren da suka shafe ku, da takarda ɗaya mai sunan kowa da abin da ya yi a gabansa. Mujallu da yawa yanzu suna neman wannan bayanin da kansu, wasu ta tsarin CRediT mai rukunan gudummawa 14, don haka ba ke kika ƙirƙiro tambayar ba. Ki gaishe shi yadda kika saba, ki gode masa da gaske, sannan ki ce wani abu kamar haka: Ranka ya daɗe, na zo cika fom ɗin mujalla sai na ga suna neman a rubuta abin da kowa ya yi, kuma kowa ya cika nasa bayanin alaƙa. Na rubuta yadda na fahimta, ina so ka duba ka gyara mini. Sai ki miƙa takardar ki yi shiru. Ki bar shi ya karanta gurbin shugaban sashe da babu komai a ciki, da gurbin ma'aikacin ɗakin gwaji da ya cika. Babba ya fi son ya gano abu da kansa a kan a nuna masa.

Ki fara da maganar kamfani, domin ita ce wadda shi zai fi cutuwa idan ta tashi, kuma ita ce ta fi sauƙin karɓa idan ya ga kare shi kike yi. Sai ma'aikacin ɗakin gwaji, sai shugaban sashe. Ki bar maganar kanki a ƙarshe, ki kuma faɗe ta a fili, kada ki yi kwana-kwana: Ranka ya daɗe, ina roƙon sunana ya zo farko tunda daga kundina aikin ya fito, kai kuma ka tsaya mana a ƙarshe a matsayin babba, ka riƙe hulɗa da mujalla. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma ki tabbatar ya ji abin da kike nema, kada ladabi ya haɗiye buƙatar.

Ku gama wannan kafin a tura. Bayan an tura, ƙara suna ko cire shi sai da bayanin dalili da sa hannun dukkan marubuta, har da wanda za a ƙara ko a cire, kuma a nan ne ƙaramar magana ke zama rigimar sashe.

Idan ya ƙi fa? Ya danganta da abin da ya ƙi. Idan ya yarda da komai ban da jeri, zaɓi ya dawo hannunki. Kina iya neman wani babban likita da yake jin maganarsa, ko mai kula da horar da likitoci a asibitinku, ya sa baki cikin sirri. Kina kuma iya duba halin da kike ciki ki yafe a wannan karon, ki zo ta biyu, muddin bayanin gudummawa ya faɗi gaskiyar wanda ya kawo tunani, ya tattara bayanai, ya rubuta daftari. Ba zan ga laifinki ba idan kika zaɓi haka, domin na san abin da neman gurbin aiki yake nufi ga mace mai iyali a garin nan. Sai dai ki yafe da saninki, kin faɗi haƙƙinki an ji, ba wai an ɗauka kin yi shiru ba.

Idan kuwa ya dage sai an rubuta babu alaƙa, kada ki sa hannu. Ki gaya masa cikin ladabi cewa ke a fom ɗinki za ki rubuta na'urar da tsinkayen, domin ba za ki iya shaida abin da kika san ba haka yake ba. Da zarar naki ya nuna kyautar, nasa ba zai iya cewa babu ba tare da edita ya tambaya ba, kuma shi ma ya san haka. Kada ki tura maƙalar a ɓoye ba da saninsa ba, marubuci ne, yin haka zai mayar da ke mai laifi. Kada kuma ki kai ƙara wurin edita, zai maido ku ne ga hukumar asibitinku. Idan abin ya kai nan, kwamitin ɗa'ar bincike shi ne wurin zuwa, amma ina kyautata zaton ba za a kai ba. Mutumin da ya zauna ya bi kundinki babi-babi ya san darajar aiki, kuma sau da yawa abin da ake kira taurin kai rashin wanda ya taɓa nuna wa mutum fom ɗin ne kawai.

Duk abin da kuka daidaita a kai, a daren ranar ki tura masa imel na godiya, ki jera sunayen yadda kuka amince, ki sa sauran marubutan a ciki, ki roƙi kowa ya amsa da cewa ya gani ya yarda. A bincikenki na gaba kuma, wannan takardar ta wa zai yi me, wa zai zo ina, ranar da kuke rubuta tsarin bincike za ku cika ta, kafin a ɗauki jinin mace ko ɗaya, sannan ku riƙa sake duba ta idan aiki ya sauya hannu.

Gobe da safe ki fara da ɗakin gwaje-gwaje, ki kai wa bawan Allahn nan maƙalar ya karanta. Allah ya sassauta zuciyar malaminki, ya ba ki gurbin da ya fi alheri. Ki rubuto mini yadda kuka ƙare.